Tafinta a Ɗakin Likita: Tausayin da Ke Cin Rabin Magana

Tun bayan da aka tsayar da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, Suleja ta zama masaukin duk wanda aikin Abuja ya kira amma kuɗin hayarta ya kora. A unguwa irin Bagama, Bahaushe da Bagware da Banufe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo duk katanga ɗaya ce ta raba su. A kasuwa, Hausa da burokan Ingilishi sun isa a yi ciniki. A ɗakin likita kuwa ba sa isa, musamman idan likitan mai yi wa ƙasa hidima ne da aka turo daga kudu, majiyyaciyar kuma dattijuwa ce da ba ta jin Turanci. Nan sai a waiwaya a nemi wanda ke kusa: nas, ko mai shara, ko ɗan da ya rako ta.

Doka ta san da wannan matsala. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da haɗarin kowanne, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma a harshen da yake fahimta. Sashe na 26 ya ce duk bayanin lafiyarsa sirri ne. Idan likita ba ya jin harshen, nauyin sassan nan biyu ya koma bakin tafinta.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya mai shekara 56 ta zo da zubar jini shekara shida bayan al'adarta ta ɗauke. An ɗebi ɗan nama daga bakin mahaifa an kai gwaji, yau sakamako ya dawo: ciwon daji ne. Babban ɗanta ne ke fassara. Likita ya yi minti guda yana bayani: sunan cutar, cewa sai an yi hoto a gane iya yaɗuwarta, cewa wataƙila ta wuce tiyata sai gashi, kuma ta isa Asibitin Ƙasa na Abuja cikin mako biyu. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, ya ce ɗan ƙari ne, za a ba ki magani, in sha Allahu za ki samu sauƙi.”

Ba mugunta ya yi ba, uwarsa yake ji. Amma abubuwa uku sun faɗi a hanya: sunan cutar, gaggawar tafiya, da damar da Hajiya take da ita ta yi tambaya. Wadda aka ce mata ɗan ƙari ne za ta iya jinkirta tafiyar sai bayan bikin jikarta, ko ta fara gwada jiƙe-jiƙe na wata uku. Ta ɗaya ɓangaren ma an yi asara. Likita na buƙatar sanin ko jinin yana zuwa bayan saduwa, kuma da wuya uwa Bahaushiya ta amsa wannan ta bakin ɗan farinta, ɗan da ko sunansa ba ta kira.

Wannan cin magana an auna shi. A 2003 Dakta Glenn Flores da abokan aikinsa sun wallafa nazarin ganawa 13 da aka naɗa a wani asibitin yara a Amurka, suka ƙirga kusan kuskure 31 a kowace ganawa. Fiye da rabin kurakuran tsallake magana ne, ba juya ta ba. Nazarinsu na 2012 a sassan gaggawa ya nuna cewa kashi 22 cikin ɗari na kurakuran tafintan sa-kai na iya shafar magani, na ƙwararru kuwa kashi 12, ga waɗanda suka samu horon awa 100 zuwa sama kuma kashi 2 kacal. Jin harsuna biyu daban, iya tafinta daban.

To yaya wadda ta san aikin za ta yi da Hajiya? Da farko, mace ake nema, kuma ba 'yar gida ba. Kafin a shiga, likita ya gaya mata irin labarin da za a bayar, don kada fuskarta ta riga bakinta. A ciki ta zauna ɗan gefe, yadda likita da Hajiya za su fuskanci juna, ta ce da kowa a harshensa: “Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zan fassara, ba ƙari ba ragi, kuma ba zai fita waje ba.” Likita ya riƙa yin jimla biyu ko uku yana tsayawa. Ita kuma ta yi magana da bakin mai maganar: “ina jin ciwo a mara”, ba “ta ce tana jin ciwo” ba. Ranaku da adadin magani ta rubuta su kafin ta faɗa.

Wuri mafi wuya shi ne lokacin da ɗan ya tare ta a bakin ƙofa: “Don Allah, Anti, kada ki faɗa mata sunan ciwon, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.” Ba ta da hurumin amsa masa da to, ba ta kuma da hurumin yi masa wa'azi. Ta ce, “Na ji ka, amma wannan shawara ta likita ce, zo mu faɗa masa tare.” Likitan da ya ƙware zai koma wurin mai ciwon ya tambaya: “Mama, sakamako ya fito. Kina so in yi miki bayani dalla-dalla, ko kin fi so in yi wa ɗanki, shi ya tsaya miki?” Idan ta zaɓi ɗanta, zaɓinta ne, an mutunta ita da gidanta. Idan ta ce a faɗa mata, likita zai fara da shimfiɗa cewa labarin ba mai daɗi ba ne, sannan ya ambaci cutar. Tafinta ta kawo shimfiɗar kamar yadda take, ta faɗi sunan a fili, ta yi shiru muddin likita ya yi shiru. Kada ta cike shirun da “za ki warke”, alkawarin da likita bai yi ba.

Rashin ɗaukar ɓangare bai hana ta gyara fahimta ba. Idan Hajiya ta ce “komai na Allah ne”, baƙon likita zai iya ɗauka ta ƙi magani. Tafinta ta fassara maganar yadda take, sannan ta ce, “Yanzu ni tafinta ce ke magana: a nan haka ake karɓar jarrabawa, ka tambaye ta kai tsaye ko ta amince da tafiyar.” Sai ta juya ta gaya wa Hajiya abin da ta faɗa wa likita.

Likita ma yana da hanyar gane an ci magana ko da bai ji kalma ɗaya ba. Bayanin minti guda ya koma jimla ɗaya, ko tafinta da majiyyaci sun daɗe suna magana ba a juyo masa da komai ba, ko amsa ta fito kafin a tambayi mai ciwon. Gwaji mafi inganci shi ne ya ce Hajiya ta maimaita da bakinta abin da ke damunta, da inda za ta je, da ranar.

Saura maganar maƙwabtaka. A Bagama, tafinta da majiyyaci za su iya haɗuwa gobe a gidan suna ko a Islamiyya. Idan tafinta ta ga fuskar da ta sani, ta faɗa tun kafin a buɗe fayil, a ba majiyyaciyar damar neman wata. Wannan ya fi tsanani a gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na sikila kafin aure, inda kalma ɗaya a waje kan rushe gida. Asibiti zai iya farawa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: ya rubuta sunayen ma'aikatansa da harsunan da kowa ke ji, maza da mata, ya horar da su kan waɗannan ƙa'idoji, ya kuma hana yara ƙanana fassara wa iyayensu sakamakon gwaji.