Yadda Ake Lissafin Kuɗin Ƙarin Lokaci a Wurin Aiki

Kuɗin ƙarin lokaci, wanda ma'aikata ke kira obataim, shi ne abin da ake biyan ma'aikaci kan awoyin da ya yi bayan cikar awoyin aikinsa na ƙa'ida. Ana fitar da shi daga kuɗin awa ɗaya, da yawan awoyin da aka ƙara, da ninkin da ya hau kan kowace awa gwargwadon lokacin da aka yi ta, da rana ne, da dare ne, ko ranar hutu.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta bar tsayar da awoyin aiki ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai ɗaukarsa, ko wadda ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla, ko hukumar tsara albashin masana'antu. Duk awar da ta haura waɗannan ƙarin lokaci ce, amma dokar ba ta yanke nawa za a biya a kanta ba. Saboda haka takardar ɗaukar aiki ce madogara. A Nijar da Kamaru doka ta tsayar da awa 40 a mako ga ayyukan da ba na gona ba, kuma ƙarin yana hawa mataki-mataki. Yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1919, ta sa mafi ƙarancin ƙarin ya zama kuɗin awa ɗaya da rubu'i ga ma'aikatan masana'antu, dokar Amurka ta 1938 kuwa ta tsaya kan ɗaya da rabi.

Matakin farko shi ne fitar da kuɗin awa, kuma a nan aka fi tauye mai albashin wata ba tare da ya lura ba. Shekara tana da mako 52. Mai yin awa 40 a mako yana yin awa 2,080 a shekara, idan aka raba wa wata 12 kowane wata zai tashi da awa 173.33. A ɗauki misalin mai kula da inji a wata masana'anta a Sharaɗa ta Kano, wanda gundarin albashinsa naira 104,000 ne. Idan aka raba da 173.33, awarsa ɗaya naira 600 ce. Wasu ma'aikatu suna lissafi da kwana 22 na aiki, wato awa 176, sai awar ta koma kusan naira 591, bambancin ba shi da yawa. Wasu kuwa suna raba albashin da kwana 30 sau awa 8, wato 240, sai awar ta faɗo zuwa naira 433. Wannan hanya tana lissafa Asabar da Lahadi kamar ranakun aiki ne, alhali mutumin ba ya zuwa, don haka tana karya darajar kowace awa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tun kafin a zo maganar ninki. Akwai kuma tambayar ko gundarin albashi kaɗai za a raba ko har da alawus na gida da na mota. Ma'aikatu da dama suna tsayawa kan gundarin, kuma inda aka mayar da rabin albashi alawus, kuɗin awa ma rabi zai zama.

Da zarar kuɗin awa ya fito, sai a koma kan ninki. A ce yarjejeniyar wannan masana'anta ta tanadi ɗaya da rabi ga ƙarin lokaci a ranar aiki, ninki biyu ga ranar hutu, da ƙarin kashi 25 cikin ɗari ga duk awar da ta faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 6 na safe. Awar ƙari da rana za ta zama naira 900, ta Lahadi naira 1,200, ƙarin dare kuma naira 150 kan kowace awa.

Aikin dare da ƙarin lokaci abubuwa biyu ne daban, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Wanda aka sa a zubin dare, ya yi awa 8 ɗinsa na ƙa'ida ya tashi, bai yi ƙarin lokaci ba, abin da yake bi shi ne naira 150 ɗin nan kan kowace awa. Rigima tana tasowa ne idan awa ɗaya ta haɗa biyun, misali mutum ya cika awoyinsa ƙarfe 10 na dare, aka riƙe shi har ƙarfe 2 saboda mai karɓarsa bai zo ba. Ana iya tara ƙarin biyu, rabi da rubu'i, ninkin ya zama 1.75, wato naira 1,050 a awa. Ana iya ɗora ɗaya kan ɗaya, 1.5 sau 1.25, ya zama 1.875, wato naira 1,125. Ana kuma iya biyan mafi girman kaɗai, naira 900, a bar ƙarin dare. A awa huɗu kacal, hanyoyin uku suna ba da naira 4,200, da 4,500, da 3,600. Dukkansu lissafi ne daidai, kuma takardar da ba ta faɗi wadda za a bi ba ta bar wa mai biya zaɓi, shi kuwa da wuya ya zaɓi mai tsada.

Ranar hutu tana da nata sharaɗin. Dokar Najeriya ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Idan aka ci masa wannan hutu, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da kuɗin ƙarin lokaci. Tunda lissafin 173.33 bai ƙunshi Lahadi ba, ninki biyun gaba ɗaya ake ɗorawa kan albashi. Hutun gwamnati da ya faɗo ranar aiki, kamar Sallah ta zo ranar Talata, ya sha bamban, domin albashin wata ya riga ya biya ranar sau ɗaya. Wasu ma'aikatu suna ƙara ninki ɗaya su ce biyun sun cika, wasu suna ƙara biyu cif. Wannan ma sai an rubuta.

A ce cikin wata guda mai injin ya yi awa 10 na ƙari da rana, awa 8 ranar Lahadi, da awa 4 ɗin nan na dare, kuma masana'antar tana tara ƙarin ne. Na rana naira 9,000, na Lahadi 9,600, na dare 4,200, jimla naira 22,800 a kan albashinsa kafin cire haraji. Akwai gajeriyar hanyar tantancewa: a mayar da kowane rukuni awoyi na yau da kullum. Awa 10 sau 1.5 sun zama 15, awa 8 sau 2 sun zama 16, awa 4 sau 1.75 sun zama 7, duka 38. Idan aka raba abin da aka biya da 38, za a ga ainihin kuɗin awar da aka yi amfani da shi. Idan takardar albashi ta nuna naira 16,467, rabawa zai ba da 433, alamar da 240 aka raba albashin, kuma ma'aikacin ya rasa naira 6,333 duk da cewa ba a taɓa ninki ko ɗaya ba.

Ƙirgen awoyin kansa yana kawo saɓani. Inda ake ƙirga ƙari a kullum, wanda ya yi awa 10 ranar Litinin da awa 6 ranar Talata yana bin awa 2. Inda ake ƙirgawa a mako, gajeriyar Talata ta cinye ƙarin Litinin, bai bin komai sai ya haura 40. Hutun cin abinci galibi ba ya shiga lissafi. Mintuna kuma sai an raba su da 60: awa ɗaya da minti 30 ita ce 1.5, kuma akawun da ya rubuta 1.30 ya yanke wa ma'aikaci minti 12, wato naira 180 a ninkin ɗaya da rabi. Idan gardama ta kai gaban ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da ake dubawa shi ne takardar ɗaukar aiki da rajistar shiga da fita, don haka awar da aka yi da umarnin baki, ba sa hannun shugaban sashe, tana da wuyar tabbatarwa.