Wa ya buɗe fayil ɗin? Yadda ake kulle bayanan marasa lafiya da bin sawun masu sauke su

A Kademi, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gaya a gabashin jihar Kano, ba sai an rubuta cikakken adireshin mutum ake gane shi ba. Sunan mace, sunan mijinta da unguwarsu sun wadatar. Shi ya sa jerin sunayen masu zuwa awon ciki, ko na masu karɓar maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, ya fi haɗari a irin wannan gari fiye da a tsakiyar birnin Kano. Idan ya fita, wanda zai karanta shi maƙwabci ne, ko suruki, ko kishiya.

A da, babban littafin rajista ne a cikin durowa, makulli a aljihun inchaji. Duk mai son leƙawa sai ya zo da ƙafarsa, kuma wani zai gan shi. Yanzu da irin waɗannan bayanai ke komawa kwamfuta da waya, mutum na iya kwashe littafin gaba ɗaya cikin daƙiƙa biyar yana kwance a ɗakinsa. Abu biyu ne suka maye gurbin durowa da idon jama'a: iyakance abin da kowane ma'aikaci zai iya gani gwargwadon aikinsa, da kuma rajistar da manhaja ke rubutawa da kanta a kan wanda ya buɗe ko ya sauke wani abu.

Doka ma ta nemi haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban kowace cibiyar lafiya alhakin kafa matakan hana wanda ba shi da izini kaiwa ga bayanan marasa lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri, ta ce idan aka samu ɓullar da za ta iya cutar da mutane, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Wanda ba shi da rajista, me zai sanar? Bai san fayil nawa ya fita ba, balle ta hannun wa.

Manhajar da ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta, kuma Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita. A cikinta an jera wurare kamar reshen bishiya: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sannan asibiti. Wato Kano, Gaya, Kademi, sai cibiyar da ke cikinta. Rahoton wata-wata da ake turawa sama adadi ne kawai, babu sunaye. Amma manhajar tana da wani ɓangare mai suna Tracker da ke riƙe bayanin mutum ɗaya-ɗaya, kuma a nan ne batun sirri yake.

A ɗauka wata ƙaramar cibiya a irin wannan mazaɓa tana rubuta masu awon ciki a Tracker, da ma'aikata huɗu masu taɓa bayanan. Mai yankan kati aikinsa ya nemo suna ya yi wa sabuwar zuwa rajista, ba ruwansa da sakamakon gwajin jini. Ungozoma ce ke buƙatar gani da rubuta sakamakon. Inchaji na buƙatar duba aikin cibiyarsa duka. Jami'in alƙaluma da ke sakatariya a Gaya kuwa adadi yake nema, mata nawa suka zo awo a wannan watan, ba su wane ne ba.

Manhajar na raba wannan ta hanyar tambaya uku ga kowane akawun. Ta farko, wace ƙofa zai iya buɗewa, wato matsayin da aka ba shi, wanda ke nuna ko zai ga shafin shigar da bayanai kawai ko har da na fitar da rahoto. Ta biyu, a wane reshe na bishiyar yake: akwai wurin da zai shigar da bayanai, da wurin da zai ga rahoto, da wurin da zai iya neman suna, kuma kowanne daban ake zaɓa. Ta uku, wane shiri ko wane mataki na shirin aka raba da rukuninsa. Ta haka ake iya ware matakin gwajin jini, a ba rukunin ungozomomi kaɗai, mai yankan kati ya buɗe fayil ɗin matar amma wannan shafin bai bayyana masa ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan na gaggawa ne. Wani ya kira yana cewa shafi ya ƙi buɗewa, ga layi a waje, sai mai kula da manhaja ya ba shi izinin `ALL`, wanda ke buɗe komai, da niyyar zai gyara gobe. Goben ba ta zuwa. Haka ma wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Gaya zuwa Ajingi: a ƙara masa sabon reshe, a manta a cire tsohon.

Sai dai kullewa gam ma tana da illarta. Mace daga wani ƙauyen Ajingi na iya zuwa Kademi naƙuda ta kama ta, fayil ɗinta kuma yana ƙarƙashin wata cibiya. DHIS2 ta tanadi matakai huɗu ga kowane shiri: `OPEN`, `AUDITED`, `PROTECTED` da `CLOSED`. Idan an zaɓi `PROTECTED`, ungozomar da fayil ɗin ba na cibiyarta ba ne za ta iya buɗe shi, amma sai ta rubuta dalili, sannan a ba ta dama ta awa 3, dalilin kuma ya zauna da sunanta. Wannan ya fi dacewa da asibitin karkara fiye da `CLOSED`, domin ba ya hana ceton rai, kuma mai son leƙen asiri zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta ƙarya da hannunsa.

Iyakancewa na hana baƙo ne kawai. Ba ta cewa komai game da wanda ke da izini amma ya yi amfani da shi ta wata hanya. A nan rajista ke shigowa, kuma akwai shari'ar da ta nuna bambancin rajista mai amfani da ta jeka-na-yi-ka. Wata ma'aikaciyar jinya a Finland tana karɓar maganin ƙanjamau a asibitin da take aiki. A 1992 ta fara zargin abokan aikinta sun san halin da take ciki. Da aka nemi sanin wanda ya buɗe fayil ɗinta, sai aka tarar tsarin asibitin na riƙe buɗewa biyar na ƙarshe ne kawai, su ma da sunan sashe ba da sunan mutum ba, kuma yana goge su idan an mayar da fayil ma'ajiya. Ta rasa hujja a kotunan ƙasarta. A 2008 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Finland ta gaza kare sirrinta.

Duka ramukan nan biyu ana iya faɗa musu a cibiyar da aka yi misali da ita. Na farko shi ne akawun ɗaya na kowa da kowa, kalmar sirri a rubuce a bayan kwamfutar hannu. Rajistar za ta cika da layuka, amma duk suna ɗaya ne, wato sunan sashe kamar na Finland. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Yadda DHIS2 ke zuwa, rajistarta ta fi kula da wanda ya ƙirƙira, ya gyara ko ya goge bayani. Karantawa sai an kunna ta da gangan, a fayil ɗin `dhis.conf` da ke kan saba:

```
audit.tracker = CREATE;READ;UPDATE;DELETE
```

Akwai kuma zaɓin `allowAuditLog` a kan nau'in mutanen da ake wa rajista, wanda ke sa a riƙa rubuta wanda ya nemo ko ya buɗe fayil ɗin wani. Kunna karantawa na kumbura rajista da sauri, domin ana buɗe fayil sau da yawa fiye da yadda ake gyara shi, don haka sai an tanadi wurin ajiya.

Saukewa kuwa wata ƙofa ce daban. A ce wata ranar Talata magana ta fara yawo a gari cewa an ga jerin masu awon ciki a wayar wani. Jerin da aka sauke daga shafin rahoto ba ya bi ta hanyar buɗe fayil ɗaya-ɗaya, saboda haka rajistar da aka kunna a sama na iya zama shiru. Wurin da za a duba shi ne rajistar sabar da ke karɓar kowace buƙata daga waje. Idan nginx ce:

```
zgrep -E "analytics/(events|enrollments)/query.*\.(csv|xls)" /var/log/nginx/access.log*
```

Kowane layin da ya fito zai nuna lokaci, lambar IP, shirin da aka nema da girman fayil ɗin. A ce an ga layi uku. Biyu na ƙarshen wata ne da hantsi, lokacin haɗa rahoto, wannan ba abin mamaki ba ne. Na uku ranar Lahadi ne da ƙarfe 9:47 na dare, girmansa ya ninka sauran sau goma, kuma ya nemi watanni goma sha biyu a tashi ɗaya. Lokacin da ba na aiki ba, yawan da ya wuce buƙata, da rashin wani aiki a gabansa ko bayansa, su ne alamomin da ake nema.

Layin bai faɗi suna ba, domin nginx ba ta san wanda ya shiga ta burauza ba. Sai an haɗa lokacin da lambar IP da rajistar shiga ta manhajar kanta, a ga akawun ɗin da ya shiga a wannan daren. Lambar IP ita kaɗai ba hujja ba ce, tunda kamfanonin waya kan ɗora mutane da yawa a kan lamba ɗaya. Ko an gano akawun ɗin ma, abin da aka tabbatar shi ne an yi amfani da shi. Mai shi na iya cewa ya bar wayarsa a wurin caji, kuma yana iya zama gaskiya, shi ya sa ake fara da tambaya kafin tuhuma. Abin da ya faru da fayil ɗin bayan ya sauka a waya, ko wanda ya ɗauki hoton allo, babu rajistar da za ta gani.

Duk wannan bincike ya dogara ga rajistar tana nan. A sabar Ubuntu da ba a taɓa saitinta ba, ana juya rajistar nginx kullum, ana ajiye ta kwana 14 kacal. Maganar da ta ɗauki wata guda kafin ta iso kunnen inchaji za ta tarar an share sawun. Gyaran shi ne a tsawaita kwanakin a `/etc/logrotate.d/nginx`, a kuma riƙa tura kwafi wata na'ura da mai riƙe da izinin `ALL` ba zai iya gogewa ba, sannan a sa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa duba layukan saukewa duk ƙarshen wata, ranar da ake haɗa rahoton da za a kai Gaya.