Yadda Hoto Zai Cika Allon Majigi Ba Tare da Ya Baje Ba

A taron bita ko wajen kare kundin digiri, sau da yawa za ka ga hoton mutum a allon majigi fuskarsa ta baje, kansa kamar an danne shi. Dalili shi ne siffar hoton da ta shafin ba ɗaya ba ce, mai aikin kuma ya kama gefen hoton ya ja don ya cike gurbi.

Tun fitowar PowerPoint 2013, sabon shafi kan zo da siffar 16:9, wato faɗi kashi 16, tsayi kashi 9. Yawancin wayoyi kuwa a siffar 4:3 suke ɗaukar hoto. Hoton ya fi shafin tsayi, don haka ba zai cika shi ba sai an datse wani abu.

Mu ɗauki hoton kasuwa da aka ɗauka da waya a kwance, mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi. Idan aka mayar da shi 16:9, faɗin yana nan, tsayin ya koma 2250. Kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi ke nan. Saboda haka tun wajen zaɓe ka duba: akwai sararin sama ko ƙasa da za ka iya sadaukarwa? Idan hulunan mutane sun kusa taɓa bakin hoton, nemi wani. Hoton da aka ɗauka a tsaye kuwa, fiye da rabinsa zai salwanta. Ni dai shawarata a ba shi rabin shafi, rubutu ya zauna a ɗaya rabin.

Datsewar ba ta da wuya. Danna hoton, shiga Picture Format, buɗe kibiyar da ke ƙarƙashin Crop, zaɓi Aspect Ratio, sannan 16:9. Matsa hoton cikin akwatin har abin da kake son a gani ya zauna daidai. Daga nan kama kusurwa, ba gefe ba, ka ja har ya rufe shafin. Idan akwai taya ko faranti a hoton, duba ko har yanzu zagayayye ne.

Dishi-dishi kuma matsalar ƙarancin ɗigo ce. Allon Full HD ɗigo 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi, kuma bayan datsewa ake wannan lissafi. Hotonmu na kasuwa ya wadatar har da ragi. Amma hoto mai faɗin 640, dole a buɗa shi ninki uku, kuma PowerPoint ba zai ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. A Windows, Properties sannan Details zai nuna maka girman hoto.

A kula da hoton da ya biyo ta WhatsApp, don manhajar tana rage shi. A waya yana da kyau, sai majigi ya tona asirinsa. Roƙi mai hoton ya turo asalinsa a matsayin Document, kuma kafin ranar taro ka danna F5 ka kalle shi a cikakken allo.