Neman hutun jinya ba sai an tona ciki ba

A ce akawu ce a wani kamfani. Wata biyu ke nan barci ya ƙaurace mata, lissafin da take gamawa kafin azahar yanzu sai ya kai ta la'asar. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ta magani da hutun kwana 7. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne me za ta ce wa oga.

Abu uku kawai oga yake bukatar sani: likita ya ce ta huta, daga yaushe zuwa yaushe, kuma wa zai riƙe aikinta. Saboda haka wannan ya wadatar: "Ranka ya daɗe, ba ni da lafiya, likita ya ba ni hutun kwana 7 daga ranar Litinin. Ga takardarsa. Na miƙa wa abokiyar aikina lissafin albashin watan nan." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ambaci sunan ciwon ko abin da ke faruwa a gidanta ba.

Doka ma ba ta ce sai an faɗa wa oga sunan ciwon ba. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara, da albashinsa, muddin likita mai rajista ya shaida. Dokar ba ta shafi manyan jami'ai da ƙwararru ba, su sai su duba takardar ɗaukarsu aiki.

Inda asiri ya fi tonuwa shi ne jikin takardar. Tun a gaban likita ya kamata ta roƙa a rubuta cewa ba za ta iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza, ba tare da sunan ciwo ba. Ta kuma duba kan takardar da hatimin. Takardar da ta fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ta riga ta yi magana, ko da likita bai rubuta komai ba. Babban asibiti mai sassa da yawa ya fi rufin asiri, sai dai nan ma hatimin sashe kan nuna.

Ina roƙon kada a fake da zazzaɓin taifot ko rasuwar da ba a yi ba. Ciwon damuwa ba ya warkewa cikin mako guda, za ta koma ganin likita, kuma ranar da ƙaryar ta ci karo da takarda, amanarta ce za ta zube.

In oga ya matsa da "Me ke damunki ne?", galibi kulawa ce. Ta ce, "Na gode ranka ya daɗe, ina shan magani, likita na bibiya." In ya sake tambaya, ta maimaita hakan. Masu son zuwa dubiya kuwa, ta ce likita ya ce ta samu natsuwa, a taya ta da addu'a.