Yadda Za A Kafe Layin Kanu A Allo, A Kuma Maimaita Shi A Kowane Shafin Da Aka Buga

Wannan darasi na sakatariyar ƙungiya ne, da duk wadda ke taya ta shigar da lissafi a kwamfuta, ko 'yarta ce ko wata ƙanwa da ta yi makaranta. Amma sauran mambobi ma ku saurara in ana karantawa a wurin zama, domin kuɗinku ne ke cikin takardar, kuma ku ne za ku iya cewa ba ku yarda da ita ba.

Bari mu ɗauki misalin ƙungiya mai mata 30 da ke zama kowane mako. Sakatariya tana kwafe abin da ke cikin babban littafi zuwa Excel, kowace mace layi ɗaya a kowane zama. Cikin mako 12 an samu layi 360. A layi na 1 ta rubuta sunan ƙungiya, a na 2 sunan gari da shekara, a na 3 kuma kanun teburin: lamba, suna, ranar zama, zubi, kuɗin taimako, bashin da aka karɓa, biyan bashi, tara. Wannan layi na 3 shi muke kira layin kanu. Shi ke faɗa wa mai karatu ko wane irin kuɗi ne a ƙarƙashinsa. Lissafin kansa ya fara daga layi na 4 ya ƙare a na 363.

Takardar A4 a tsaye tana ɗaukar layi kusan 45 zuwa 50, don haka wannan tebur zai ci shafi takwas ko kusa da haka. In ba a yi wani gyara ba, shafin farko kaɗai zai fito da kanu. Sauran bakwai ɗin sunaye ne da lambobi tsirara.

To ga inda matsalar take. A ce hannu ɗaya na zubi Naira 500 ne, kuma mace na iya sayen hannu ɗaya zuwa biyar a zama. A shafi na biyar an ga 2,500 a gaban sunan wata, gidajen da ke kusa da shi duk babu komai. Zubin hannu biyar ne, ko biyan bashi ne? Duk biyun suna iya zama 2,500. Mai karantawa sai ta yi ta ƙirga gidaje da yatsa daga hagu, kuma gidan da babu rubutu a ciki yana da saurin tsallakewa. In biyan bashi ne aka karanta shi a matsayin zubi, an yi ɓarna biyu a lokaci guda. Matar za a ce har yanzu ana bin ta 2,500 da ta riga ta biya. Sannan an ƙara mata hannu biyar da ba ta saya ba. In ranar rabo hannu ɗaya ya kai Naira 650, to 3,250 ke nan za a lissafa mata a kan hannayen da babu su. Na taɓa zama a wurin da irin wannan ya cinye mana yamma guda, sai da aka buɗe akwati aka ɗauko ƙananan littattafan mambobi aka ƙirga tambari ɗaya bayan ɗaya kafin hankali ya kwanta. Ba wadda ta ci kuɗin kowa. Takarda ce kawai ta fito ba kai.

Maganin abu biyu ne, kuma kowanne wurinsa daban. Ɗaya na allo ne, ɗaya na takarda. Mutane da yawa suna yin na allon su ɗauka sun gama, sai an je bugawa a ga ba haka ba. A Excel, kafe layi a allo ba ya taɓa abin da firinta za ta fitar.

Kafe kanu a allo

Da farko ki koma can saman teburin, ki tabbata kina ganin layi na 1. Sai ki danna gidan da ke ƙarƙashin layin kanu, kuma a dama da sunaye. A misalinmu lamba tana layin tsaye na A, suna yana B, kanu suna layi na 3, saboda haka gidan da za ki danna shi ne C4. Daga nan ki je View a sama, ki danna Freeze Panes, cikin zaɓin da ya sauko ki sake danna Freeze Panes, wato na farko.

Ƙa'idar ita ce: duk abin da ke sama da gidan da kika danna, da duk abin da ke hagunsa, shi zai tsaya cak. Shi ya sa muka zaɓi C4. Layi na 1 zuwa na 3 sun kafu, lamba da suna ma sun kafu. Za ki ga wani siririn zare ya ratsa ƙarƙashin kanun, wani kuma ya sauko ta gefen sunaye. Gwada shi: gangara zuwa layi na 200. In har kina ganin "zubi" da "biyan bashi" a sama, ya yi.

Akwai wani zaɓi a wurin mai suna Freeze Top Row. Yana da sauƙi, amma layi ɗaya tak yake kafewa, wanda ke can sama a allon a lokacin da kika danna. A teburinmu sunan ƙungiya zai kafe, kanun su tafi abinsu. Ya dace ne kawai in kanunki suna layi na 1.

Abin da ya fi tsorata sakatarori shi ne wannan: mutum ya gangara zuwa layi na 80, ya manta, ya kafe daga can. Sai a nemi layukan sama a rasa, ko an murza maus ba sa dawowa, a ce lissafin mako biyu ya goge. Bai goge ba fa. Ki koma View, Freeze Panes, ki danna Unfreeze Panes, ki hau sama, ki sake yi daga C4. Idan kuma kin ga Freeze Panes ya dusashe ba ya dannuwa, ko dai kina tsakiyar rubutu a cikin wani gida, sai ki danna Enter, ko kuma allon yana kan Page Layout, sai ki mayar da shi Normal a nan cikin View.

Maimaita kanu a takarda

Wannan shi ne wanda ya fi shafar ƙungiya, tunda takarda ake kawowa wurin zama, ba kwamfuta ba. Ki je Page Layout a sama, ki danna Print Titles. Wani ɗan allo zai buɗe a kan Sheet. Nemi inda aka rubuta Rows to repeat at top, ki danna cikinsa ki rubuta:

```
$3:$3
```

Ma'anarsa daga layi na 3 zuwa layi na 3, wato shi kaɗai. Alamar dalar ba ta da alaƙa da kuɗi, haka Excel ke rubuta shi. Ni dai na fi son a haɗa da sunan ƙungiya da shekara, domin in shafi ɗaya ya fice daga cikin 'yan uwansa a san na wace ƙungiya ne. In haka kike so, ki rubuta:

```
$1:$3
```

Sai ki danna OK. Ba za ki ga komai ya canza a teburin ba, kuma daidai ne. Don ki duba, ki danna Ctrl+P, hoton takardar zai fito. Kada ki tsaya a shafi na 1, ai shi dama yana da kai. Ki matsa zuwa na 2, da na 5, da na ƙarshe. A nan ne za ki san ko ya kama. Adadin shafukan na iya ƙaruwa da ɗaya, tunda kanun yanzu suna cin wuri a kowane shafi. Kuɗin takarda ɗaya ne, bai kai rigimar 2,500 ba.

Wani lokaci a wurin nan na Ctrl+P mutum yakan danna Page Setup ya shiga Sheet, sai ya tarar Rows to repeat at top ya dusashe. Ta wannan ƙofar ba ya karɓar gyara. Ki fita, ki bi ta Page Layout da Print Titles kamar yadda muka faɗa.

Tun da kina kan hoton takardar, duba gefen dama. Idan teburin ya fi takarda faɗi, "biyan bashi" da "tara" za su faɗa wani shafi su kaɗai, babu suna a gefensu. Wannan ya ma fi rashin kanu muni. Ki juya takardar a kwance da Landscape Orientation, ko ki zaɓi Fit All Columns on One Page. Amma ki guji Fit Sheet on One Page: zai matse layi 363 ɗin nan a takarda ɗaya, rubutu ya koma kamar ƙwayar gero. In teburin mai faɗi ne sosai, irin wanda kowane mako ke da nasa layin tsaye, to a bar shi ya ci shafuka, sai dai a koma Print Titles a cika Columns to repeat at left da wannan, don lamba da suna su bi kowane shafi:

```
$A:$B
```

Akwai dabarar da wasu ke yi da nake roƙon a daina: kwafe layin kanu da hannu a liƙa shi bayan kowane layi 48 a tsakiyar lissafi. Ranar farko yana kyau. Da zarar an cusa layin wata da aka manta, komai ya gusa, kanun su dawo tsakiyar shafi. Firintar shago ma na iya yanka shafi a wani wuri daban da wanda kika gani a gida. In kuma aka jera sunaye bisa haruffa, kanun da aka liƙa sai su shige cikin mambobi kamar su ma mata ne masu zubi.

Gyaran nan biyu na Sheet ɗin da kike ciki ne kaɗai. In zubi yana Sheet1, bashi yana Sheet2, sai kin yi wa kowanne nasa. Bayan kin gama ki danna Ctrl+S, gyaran zai zauna cikin fayil ɗin, ba sai kin sake ba mako mai zuwa. In za ki kai shagon buga takardu, ya fi kyau ki mayar da shi PDF tukuna, ki buɗe ki duba shafi na 2, sannan ki tura. Ta haka abin da kika gani shi zai fito, mai shago ba zai taɓa miki lambobi ba.

Ranar zama, kafin a fara karanta lissafi, shugaba ta miƙa takardun ga masu ƙirga kuɗi su ɗaga kowane shafi su duba samansa. Ko wadda ba ta iya karatu ba za ta gane, in sakatariya ta yi wa layin kanu rubutu mai kauri: baƙin layin nan ko yana saman shafi ko babu shi. Shafin da ya zo babu shi, a ajiye shi gefe, a karanta lissafin makon daga babban littafi har sai an sake bugawa.