Imel ɗin neman ganawa: a rubuta shi yadda kalma ɗaya za ta isa amsa

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Akwai wata muhimmiyar magana da nake so mu tattauna. Yaushe kake da lokaci?"

Irin wannan saƙon yana shiga akwatin imel na manajoji da shugabannin makarantu kullum, kuma sau da yawa a nan yake kwana babu amsa. Mai saƙon zai ɗauka wulaƙanci ne. Alhali shi wanda aka aika wa an ɗora masa aiki uku ne a lokaci guda: ya tambayi wace magana ce, ya ƙiyasta tsawon lokacin da za ta ci, sannan ya buɗe kalandarsa ya laluɓo rana. Mutumin da ke karanta saƙo a waya tsakanin zama biyu ba zai yi wannan aikin nan take ba. Zai ce "anjima", daga nan wasu saƙonni su binne shi. Mai neman ganawa shi ya kamata ya yi aikin ukun tun kafin ya aika, har ya zama abin da ya rage wa mai karɓa bai wuce ya rubuta "Talata ta yi" ba.

A ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa ce take son ganin manajan wani ƙaramin banki da ya ba su rance. Injin matsar mansu ya lalace, biyan wata biyu zai yi musu wuya. A gurbin da aka rubuta Subject za ta sa: "Neman ganawa ta minti 20 kan jadawalin biyan rancen ƙungiyar masu gyaɗa". Sai cikin saƙon:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ina neman ganawa ta minti 20 domin mu tsayar da shawara kan sauya jadawalin biyan rancenmu. Abubuwa biyu za mu duba: ɗage biyan Nuwamba da Disamba saboda gyaran inji, da kuma sabon adadin da za mu riƙa biya daga Janairu.

Zan iya zuwa ofishinka ranar Talata 14 ga Oktoba da ƙarfe 10 na safe, ko Alhamis 16 ga Oktoba da ƙarfe 11 na safe. Idan babu wadda ta yi maka a ciki, a faɗa mini lokacin da ya dace a makon gaba, ko mu yi ta waya cikin minti 10. Na haɗa takardar lissafinmu mai shafi ɗaya.

Na gode.
Sakatariyar ƙungiya"

Gaisuwa tana nan, layi ɗaya. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙata babu sallama, kuma babu mai cewa a daina. Amma ya gida, ya yara, ya gajiya, a ajiye su sai an zauna, can ne suke da daɗi. Waya takan nuna kan saƙo ne da 'yan kalmomin farko kawai kafin a buɗe, saboda haka idan gaisuwa ta cinye wurin, manaja ba zai ga dalilin buɗewa ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ajanda. Da sakatariyar ta rubuta "domin mu tattauna batun rance", da ta ambaci fanni ne kawai, ba ta faɗi abin da take so a tashi da shi ba. Manaja ba zai san ko ƙarin kuɗi suke nema ba, ko ƙorafi suka kawo, ko sun kasa biya ne gaba ɗaya, kuma mutum idan bai sani ba yakan zaci mafi muni. Da ta ce "mu tsayar da shawara kan sauya jadawali", ya san fayil ɗin da zai ɗauko, ya san ko zai kira jami'in rance ya zauna da su. Wataƙila ma ya ga cewa ɗage biya ya fi ƙarfin ofishinsa, ya tura ta wurin mai ikon sa hannu tun kafin ta kashe kuɗin mota. Hanyar gwada ajanda mai sauƙi ce: a karanta kowane batu a tambayi kai, idan an tashi daga zaman, ta yaya za a san an gama da shi? Batun da ba shi da amsar wannan tambaya hira ce, sai a cire shi ko a sake rubuta shi. Batu biyu ko uku sun isa. Idan suka kai bakwai, babu wanda zai yarda minti 20 za su ɗauke su.

Tsawon lokacin kuwa alkawari ne. Wanda ya nemi minti 20 ya zauna awa ɗaya, ya sa saƙonsa na gaba ya yi wuyar amsawa. Gara a ƙiyasta da gaskiya, kamar minti 10 ga kowane batu da ke buƙatar shawara. Idan ta intanet za a yi, a tuna cewa Zoom na kyauta yana katse zama bayan minti 40.

Zaɓin lokaci biyu ko uku ya wadatar, kuma su faɗo a ranaku daban-daban, domin wanda ya yi tafiya ranar Talata ba zai amfana da ƙarfe 10 da ƙarfe 12 na Talatar ba. A haɗa sunan rana da kwanan wata, sannan a duba kalanda a tabbatar sun dace da juna. "Gobe" da "jibi" ba su da amfani a imel, tunda ba a san ranar da za a buɗe shi ba. A rubuta sunan wata da haruffa, don 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. "Bayan La'asar" ya yi tsakanin abokai, amma kalanda lamba take karɓa, kuma mai hankali ba ya sa ganawa ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a. Idan mutumin yana wata ƙasa, a faɗi agogon wa ake nufi. Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya. Ƙarfe 10 a Kano ƙarfe 9 ne a Accra, ƙarfe 12 a Jidda. London kuwa tana daidai da Kano daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya.

Layin da ya ce "ko mu yi ta waya" ya fi yadda ake ganinsa muhimmanci. Babban mutum yakan ji nauyin cewa a'a kai tsaye, sai ya zaɓi yin shiru. Idan an buɗe masa wata ƙofa, zai iya ƙin zaman ba tare da ya ƙi buƙatar ba.

Akwai inda wannan salon bai dace ba. Kora daga aiki, rasuwa, ko saɓanin da ya yi zafi, ba a jera su a ajanda; a kira mutum ko a je a same shi. Haka idan tambaya ɗaya ce mai amsar e ko a'a, a yi ta a cikin saƙon a bar maganar zama.

Idan kwana biyu ko uku na aiki suka wuce shiru, a danna Reply a kan saƙon farko don ya kasance a ƙasa, a rubuta layi ɗaya na tuni, a canza ranakun da suka wuce da sababbi. Idan kuma amsa ta zo cewa Alhamis ta yi, a mayar da gajeren saƙo mai ɗauke da rana, lokaci da wuri, a sa shi a kalanda nan take.