Gwajin asid a makaranta: inda kuskuren awo ya fi taruwa

Ɗaliban kimiyya a Birnin Kudu da Gwaram da ke shirin jarrabawar WAEC sun saba da gwajin gano ƙarfin asid na HCl ta amfani da garin Na₂CO₃. Sau da yawa ɗalibi kan kwafi duk lambobin da na'urar lissafi ta nuna, alhali kayan awonsa ba su tabbatar da ko rabinsu ba.

A ɗauka an auna giram 1.33 na garin, aka narkar da shi a filas mai mililita 250, aka ɗebi mililita 25 da fifet, kuma asid ɗin da ya sauko daga buret kafin launi ya sauya ya kai mililita 24.50. Nauyin mol ɗaya na garin giram 106 ne, kowane mol kuma yana cin mol biyu na asid. Lissafi zai ba da mol 0.10243 a kowace lita.

To, lamba nawa ce abin dogaro a nan? Sikelin da ke iya kaucewa da giram 0.01 ana karanta shi sau biyu, da mazubi wofi da kuma bayan an zuba gari, don haka shakkar ta zama 0.02. Haka buret: karatun farko da na ƙarshe kowanne yana da shakkar mililita 0.05, jimilla 0.10. Filas mai daraja ta B yana da 0.30, fifet kuwa 0.06.

Da yake giram da mililita ba sa taruwa, kuma lissafin na ninkawa da rabawa ne, sai a mai da kowace shakka kaso cikin ɗari na abin da aka auna. Sikeli ya ba da 1.50, buret 0.41, fifet 0.24, filas 0.12. Jimilla 2.27 cikin ɗari, wato kusan 0.002. Amsar da ta dace ita ce 0.102 ± 0.002, sauran lambobin ado ne.

Abin lura shi ne kusan kashi biyu cikin uku na shakkar daga sikeli ta fito, ga shi kuwa buret aka fi zuba wa ido. Maimaita ɗiga asid sau biyar ba zai rage ta ba, domin ruwan duk daga awon gari ɗaya yake. Da an auna giram 5.30 a filas mai lita ɗaya, rabon sikeli zai sauko zuwa 0.38, jimillar kuma ta koma kusan 1.1.

Wannan lissafi bai san da danshi ba. Garin da ya sha laimar damina yana ɗauke da ruwa cikin nauyinsa, sai ya ci asid kaɗan, amsa ta haura gaskiya ko da karatun buret sun yi daidai da juna. Shi ya sa ake gasa garin a tanda, a bar shi ya huce a rufe kafin a ɗora shi kan sikeli.